Awon Safe

Sanarwar ta fito ranar Litinin. An liƙa ta a ƙofar kicin ɗin masana'anta, sama da famfon wanke hannu: daga ɗaya ga wata, duk ma'aikacin da ya zo ba da rufaffen takalmi ba, ba zai shiga ba. A makon da ya gabata tafasasshen ruwa ya zubo wa wani mai wanke tukwane a ƙafa yana sanye da silifa, kuma maganar ta kai ofishin sama.

Matar da ake kira Doguwa ta karanta takardar sau biyu. Shekarunta hamsin da huɗu, sha shida daga ciki a kicin ɗin ta yi su, tana yankan kayan miya a tsaye daga bakwai na safe zuwa huɗu na yamma. Shekara biyu ke nan da likita ya ce zuciyarta ta yi rauni, ba ta harba jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa yake taruwa a ƙafafunta. Da safe sukan saɓe. Kafin a tashi daga aiki sun cika, idon sawu ya ɓace, fatar tana sheƙi. In ta danna ƙwaurinta da yatsa sai wurin ya loɓa, ya daɗe bai dawo ba. Silifar maza take sawa, lamba arba'in da huɗu.

Maganin zuciyar a asibitin masana'anta take karɓa, da katin ma'aikata. Ranar da aikin ya tafi, katin ma ya tafi.

Ta sami shugabar kicin a ɗan ofishinta, tsakanin buhunan albasa da firji.

"Anti, kin dai ga ƙafata."

"Na gani, Doguwa. Kullum ina gani. Amma ba ni na rubuta ba, ni ma karantawa na yi kamar ke." Shugabar ta ɗago daga takardar da take cikewa. "Ke da mijinki shumeka ne, mai ɗinkin takalmi? Ai mu ne abin tausayi."

Ranar Laraba Doguwa ta je karɓar magani. Nas ɗin da ke duba masu ciwon zuciya ta ɗora ta a sikeli, ta rubuta, ta ce ta ƙara kilo biyu cikin mako uku, kuma ba ƙiba ba ce.

"Kina shan na fitsarin?"

"Ina sha."

"Kullum?"

"Ran da ba aiki." Doguwa ta kau da kai. "Ban ɗakin yana can bayan sito. In na sha, sau biyar zan fita kafin sha ɗaya, ana kallona."

Nas ta ce ƙwayar nan ita ce ke fitar da ruwan, in ba a sha ba a jiki zai zauna, za ta yi wa likita magana ko za a sauya mata lokacin sha. Da Doguwa ta kawo zancen takalmi, nas ta aje biro.

"To ki saurara, Mama. Kada a auna ki da safe. Da yamma, kin dawo daga aiki, a tsaye, ƙafa biyu. Ya zama mai zurfi, kada ya taɓa saman yatsu. Bakinsa ya buɗe sosai, da maɗauri irin mai mannewa, wanda za ki sassauta in rana ta yi. Kada a bar ɗinki a ciki. Kuma kullum in kin cire ki duba fatar."

Doguwa ta ce to. A mota ta yi ta maimaitawa, amma kafin ta iso gida abu biyu kawai suka rage mata: zurfi da maɗauri.

Shagon mijinta a gaban gidan yake, ɗaki ne guda mai warin gam da fata. Shekara talatin da ɗaya yana ɗinkin takalma. 'Yan unguwa Shumeka suke ce masa, har yaran da aka haifa jiya. A saman kantar shagon akwai ƙafafun katako da yake ɗora fata a kai, jere bisa lamba, kuma a ƙarshen layin akwai guda biyu da ya sassaƙa daidai ƙafar matarsa a shekarar da suka yi aure.

"Malam, nas ta ce a yi mai zurfi, da maɗauri mai mannewa."

Bai ɗago daga dunduniyar da yake bugawa ba.

"Irin na 'yan makaranta?"

"Haka ta ce."

"Ita nawa ta taɓa ɗinkawa? Ni ban taɓa zuwa na ce mata ga yadda ake allura ba." Ya tofar da ƙusar da ke bakinsa a tafin hannu. "Wannan maɗaurin wata biyu ya cika da datti ya daina kamawa. A kicin ma? Zan miki sau-ciki, baƙi, da roba gefe da gefe. Ki zura ƙafa ki tafi, ba sunkuyo. Ke da in kin sunkuya numfashi yake miki wuya."

Wannan gaskiya ne, don haka ta yarda.

Washegari da ƙarfe shida ya shigo ɗaki da kwali da fensir da tef ɗin awo. Ka'idarsa ce ya fara aiki da awo, ido na gani sosai, hannu bai gaji ba. Tana zaune a bakin gado ya sa ta taka kwalin, ya zagaye ƙafar da fensir. Ya zagaya tef a gindin yatsu da saman ƙafa, ya rubuta a gefen zanen.

"Ina kumburin da ake ta faɗa? Lamba ɗaya kika ƙara. Da can ma ƙafar raƙumi gare ki."

"A haka ka gani ka ce kana so."

"Fata ce ta yi min yawa a lokacin, na rasa inda zan kai ta."

Ta yi dariya, sannan ta tuna.

"Kamar ta ce da yamma ake awon."

"Da yamma ina da mutane. Zan bar miki sarari."

Ya bar sararin a tsawo, rabin lamba. Ya liƙa fata falle ɗaya a gefen tsohuwar ƙafar katakon don ƙara faɗi, saman kuwa ya bar shi yadda tef ɗin safe ya nuna. Kwana biyar ya yi a kansa. Ya zaɓi fata mai kauri saboda ruwan zafi, ya sa ƙasa na roba mai tsaga-tsaga don kada santsi ya kwashe ta. A saman ƙafa, inda fata biyu suka haɗu, ya yi ɗinki biyu a jere don ƙarko. Maƙwabcinsa mai gyaran rediyo ya ɗauka ya jujjuya, ya ce ko a kanti bai ga irinsa ba.

Ranar ɗaya ga wata ta zura ƙafa da safe, ya shiga daidai. A ƙofar kicin shugaba tana tsaye tana duba ƙafafu. An mayar da mutum uku gida. Abokiyar yankan Doguwa, wadda ake kira Rediyo saboda surutu, ta ja da baya ta ƙare mata kallo.

"Ku ba manaja hanya. Yau da wace mota aka kawo ki, ranki ya daɗe?"

Zuwa sha ɗaya robar gefe ta miƙe iyakarta. Zuwa ƙarfe biyu naman ƙafar ya tudo saman bakin takalmin kamar ƙullu a kwano. Ba inda za ta sassauta. Ta shiga bayan firji ta gwada cirewa, sai ta ga in ya fita ba zai koma ba, ta bar shi. A gida sai da ta sa bayan cokali ta ɓamɓare dunduniya. A saman ƙafar hagu akwai ja layi biyu, daidai inda ɗinkin yake.

"Yana matsa ni da yamma," ta ce masa wurin cin abinci.

"Sabo ne. Takalmin da bai ciji mutum a makon farko ba, a wata na uku zai riƙa fita da kansa. Fata tana buɗewa. Ki ba shi kwana bakwai."

Ya shafa masa mai, ya cusa jarida a ciki ya kwana. Haka yake faɗa wa kowa shekara talatin da ɗaya, kuma kusan kowa yana dawowa ya ce gaskiyarsa.

A kwana na uku layin ya zama bororo. A na huɗu ya fashe. Ruwan da yake fita bai tsaya ba, ya jiƙa safa har ƙasa. Ta yanki tsumma ta naɗe wurin, tsumman ya cinye ɗan sararin da ya rage. Ba ta nuna masa ba. Da yamma takan cire takalmin a ban ɗaki, ta fito da zani har ƙasa. Ba ta koma wurin nas ba, domin ta san abin da za a ce: ki huta, ki ɗaga ƙafa. Mutum ukun da aka mayar gida, biyu sun dawo da sabon takalmi, na ukun an riga an sa wani a gurbinsa.

Rediyo ce ta fara lura.

"Kina ɗingishi."

"Sabo ne."

"Wane irin sabo ne kwana takwas? Miji ma ba ya ɗaukar haka kafin ya yi laushi."

A kwana na tara, wajen ƙarfe uku, sanyi ya kama Doguwa a tsakiyar kicin da murhu shida ke ci. Ta zauna a kan buhun dankali, ta kasa tashi. Rediyo da mai wanke tukwane suka riƙe ta har asibitin masana'anta.

Takalmin hagu ya ƙi fita. Nas ta ɗauko almakashin yankan bandeji ta tsaga robar gefe, ta bi fatar har yatsu. Tsumman ya manne, sai da ta jiƙa shi. Mikin ya kai faɗin murfin kwalba, gefensa fari, kuma ja ya hau daga idon sawu zuwa tsakiyar ƙwauri, da zafi in an taɓa. Nas ta zagaye iyakar jan da biro don a ga ko zai ci gaba. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye ta kwana nawa, ta rubuta tara, ta kira mota zuwa babban asibiti.

Shumeka ya iso da gam a yatsunsa. Nas ɗin ta raka maras lafiyar, tana bakin ɗakin kwanciya da leda a hannu. Ta miƙa masa. Ya zaro takalmin da aka tsaga, ya duba yankan kafin ya dubi komai.

"Baba, kai ka ɗinka?"

"Ni ne."

"Da wane lokaci ka auna ta?"

"Da safe."

"A zaune?"

Ya gyaɗa kai. Ta karɓi takalmin, ta buɗe tsagar, ta kama yatsansa ta ɗora a kan ɗinkin ta ciki. Ya ji tudun zaren, layi biyu, sun yi tauri da busasshen ruwa.

"Aikin yana da kyau," in ji ta. "Na ƙafar safe ne. Ita kuwa ƙafa biyu gare ta, ta safe da ta yamma. Fatar takalmi tana buɗewa, na sani. Amma fatar mai kumburi ta miƙe ta yi siriri, ita take fara yagewa. In ta yage kuma ba ta saurin haɗewa, saboda ruwan da ke ƙarƙashinta."

"Na bar sarari."

"A gaba. Ƙafar sama take tashi."

Ya shiga ɗakin. A ciki Doguwa tana kwance, an sa mata ruwan allura a hannu, an ɗora ƙafar a kan matashi biyu. Ya zauna a kujerar roba.

"Me ya hana ki nuna min?"

"Ka ce kwana bakwai."

"Yau tara."

"Na ƙara maka biyu." Ta rufe ido. "Ka je wurin Anti ka ce mata a riƙe min wurina."

Ya je. Shugaba ta nuna masa dokar a rubuce: hutun rashin lafiya kwana talatin ne, in ya wuce ofishin sama zai cike gurbin.

Kwana sha ɗaya ta yi a asibiti. Jan ya sauka, zazzaɓi ya tafi, mikin ya tsaya yadda yake. Aka sallame ta da sharaɗin wankin miki da sabon bandeji duk bayan kwana biyu, ƙafa a sama, ba doguwar tsayuwa.

Ranar da ta dawo gida Shumeka ya rufe shago da ƙarfe biyar, da mutum biyu a kan benci suna jira. Ta ɗan yi zirga-zirga a ɗaki tun rana, ƙafafun sun tashi. Ya sa ta tsaya ta dafa bango, ya durƙusa ya auna dama, ya auna hagu da bandejinta: gindin yatsu, saman ƙafa, zagayen idon sawu, da tsayin babban yatsa daga ƙasa. Ya ɗauko kwalin farko ya gwama lambobin. A saman ƙafa bambancin ya kusa kai yatsa biyu, kuma wannan ranar ba ta yi tsayuwar awa tara ba. Ya ƙara wani abu a kan abin da tef ya nuna.

Ya sauko da ƙafafun katakon, ya riƙa liƙa musu fata falle bisa falle a sama da kan yatsu, yana gogewa, har suka zama wasu dunƙulallun abubuwa. Mai gyaran rediyo ya leƙo.

"Giwa ce ta kawo ɗinki?"

Shumeka ya ci gaba da gogewa.

Na farko da ya yi, maɗaurin ya gaza: in ƙafa ta cika, bakinsa da ƙyar yake kamawa. Ya warware. Na biyu ya yi masa harshe da ke buɗewa har kusa da yatsu, yadda za a aje ƙafa daga sama ba sai an tura ba. Maɗauri biyu masu faɗi, dogaye, kowanne da zobe a baki, don ta ja da ƙugiyar sanda ba tare da ta sunkuya sosai ba. Ya yi shafi da fata mai laushi falle guda, duk ɗinki ya koma waje. A ciki ya sa shimfiɗa biyu sirara, da safe a bar su duka, in rana ta yi a zare ɗaya. Bayan dunduniya a rufe, da tauri, don kada ƙafa ta yi yawo. Takalmin ya fito da faɗin kai, muni ƙarara.

A kwana na ashirin da shida na hutun rashin lafiyar ta gwada da safe, ta gwada da yamma. Ya shiga duka biyun, har da bandeji. Ta taka daga gado zuwa ƙofa ta dawo.

"Babu inda ya taɓa," ta ce.

A kwana na ashirin da takwas suka je wankin mikin. Likita ya auna mikin da ɗan ma'auni na takarda. Ya ragu, amma bai kai rabi ba. Ya duba takalmin ciki da waje, ya ce shi ne daidai, ta riƙa sawa. Doguwa ta roƙi takardar komawa aiki.

"Tsayuwar awa nawa?"

"Tara. Amma akwai hutun rabin awa."

Ya ce ba zai sa hannu ba. Nan da mako shida a sake dubawa, watakila takwas. In ta koma yanzu mikin zai buɗe, kuma karo na biyu ba lallai ya tsaya a ƙwauri ba.

A kwana na talatin da ɗaya Shumeka ya sa takalman a leda ya tafi masana'anta shi kaɗai. Mai gadi ya sa shi jira minti arba'in. Ta tagar kicin ya hango teburin yanka. Rediyo tana gefe ɗaya, a ɗaya gefen wata mata ce da bai sani ba, da sabuwar rigar aiki, tana yanka albasa da sauri. Rediyo ta gan shi, ta sunkuyar da kai.

Shugaba ta karɓe shi a ofishinta. Ya ɗora takalman a kan tebur, ya ɓare maɗauri, ya buɗe harshen, ya zaro shimfiɗa ɗaya ya nuna mata.

"Rufaffe ne, ranki ya daɗe. Ruwa ba zai shiga ba, ƙasan ba ya santsi. In za a ba ta kujera ta riƙa yanka a zaune, ko mako shida ne."

"Babu kujera a kicin, Malam. Hanya ce, ana wucewa da tukwane." Ta jawo wata takarda daga ƙarƙashin faranti. "Jiya ta sauko daga ofishin sama, an cike gurbinta. Na so in aiko, na rasa wanda zan aika. Akwai ɗan abin sallama, za ta je ofishin sama ta sa hannu. Ta tafi da katin asibitin, za su karɓa."

"Maganin fa?"

"Na wannan watan ta riga ta karɓa, ai."

Ya tsaya da takardar a hannu. Shugaba ta ɗauki takalmin dama, ta zura hannu ciki har yatsu, ta shafa shafin, ta liƙa maɗaurin ta ɓare, ta sake liƙawa.

"Mahaifiyata tana wankin ƙoda," ta ce. "Ƙafafunta sun fi na Doguwa. Mun zaga kasuwa kaf ba mu samu ba. Za ka yi mata irinsa?"

Ya ninke takardar huɗu ya sa a aljihun gaba. Ya mayar da shimfiɗar cikin takalmin, ya haɗa su a leda.

"Wace rana take zuwa wankin?"

"Talata da Juma'a."

"Ki kawo ta Litinin, kafin a cire mata ruwan. Ƙarfe biyar."

"Da safe ya fi mana sauƙi, direba yana nan."

"Biyar na yamma," ya ce. Ya ɗauki ledar ya fita ta ƙofar baya, inda ake sauke buhuna.